Saƙon tuna zubi bai tafi ba wannan watan, kuma manhajar ta ce "An gama"

Usman (Jidda): Assalamu alaikum. Gwaggona ce uwar adashinmu, mutum 40 ne, kowa riyal 300 a wata. Tun rushe-rushen unguwannin Jidda na 2022 mutane suka warwatsu, sai wani ɗan'uwanmu ya haɗa mana 'yar manhajar Python da ke karanta `mambobi.csv` ta tura wa kowa tes ranar 25 ga wata. Shi ya koma Kano. Wannan watan babu wanda ya ga saƙo, mutum 11 suka makara, mai kwasa ta zo ta tarar da kuɗi bai cika ba. Na duba, fayil ɗin babu shi, amma `tunatarwa.log` ya rubuta "An gama. An aika: 0". Ya zan yi kada a sake haka?

Hajiya Ladi (Makka): Wa alaikumus salam. Innalillahi! Ɗana, kana nufin lissafin kuɗin jama'a ya ɓace? Maza ku tara mutane kowa ya faɗi abin da ya zuba tun kafin gardama ta tashi. Ni shi ya sa har gobe littafina yana cikin jaka.

Usman: A'a Hajiya, lissafi yana nan a littafin Gwaggo. Jerin sunaye da lambobin waya ne kawai, wanda na'urar ke dubawa.

Hajiya Ladi: To alhamdulillahi. In don wannan ne ai sai ku riƙa jefa sanarwa a zauren WhatsApp, kowa ya gani.

Usman: Mun gwada a da. Wasu dattawan ƙaramar waya suke riƙewa, masu babbar kuma sun toshe ƙarar zauren saboda yawan gaishe-gaishen Juma'a.

Abdulƙadir (Madina): Matsalar `cron` ce wannan, wato abin da ke tayar da manhajar da kansa in lokacinta ya yi, na sha gani. Idan `cron` ya tayar da manhaja, daga babban gidan mai asusun yake tayar da ita, ba daga inda ka ajiye ta ba. In an rubuta `mambobi.csv` kawai babu cikakken adireshi, ba za ta gan shi ba ko yana nan. Sa cikakken adireshi, shi ke nan.

Malam Bashir (Riyad): Abdulƙadir, maganarka gaskiya ce a wurare da yawa, kuma cikakken adireshi ya fi, amma ban ga alamar ita ce a nan ba. Da ita ce, da tun watan farko saƙo bai taɓa fita ba. Abin da ya yi ta aiki sannan ya tsaya rana ɗaya, wani ne ya taɓa wani abu. Usman, ka buga `ls -l` a inda manhajar take ka gaya mana me ka gani, sannan ka nemo wurin da take buɗe fayil ɗin ka kwafo mana.

Usman: Akwai `tunatarwa.py`, da `tunatarwa.log`, da wani `Mambobi.xlsx` mai kwanan watan 14 ga wannan watan. Ga wurin:

```python
try:
    mambobi = karanta("mambobi.csv")
except FileNotFoundError:
    mambobi = []
```

Na tambaya a gida. 'Yar Gwaggo ce ta ƙara sababbin mutum biyu a Excel, ta ɗora sabon, ta goge tsohon don tana ganin abu ɗaya ne.

Malam Bashir: Madalla, ga shi nan ƙuru-ƙuru. Yarinya ba ta da laifi sosai, ko ba ita ba wata rana wani zai canza suna ko ya goge. Inda gizo ke saƙar shi ne layuka biyun ƙarshe. Mai rubutun ya ce mata: in ba ki ga fayil ba, ki ɗauka adashin nan babu kowa a cikinsa. Sai ta bi jerin da babu kowa, ta aika wa mutum sifili, ta rubuta "An gama" da gaskiyarta. Da ma bai sa wannan `except` ba, da ta faɗi da ƙara, ko ba komai ka ga kuskuren a rubuce.

Ka cire su tare da `try:` ɗin, layin da ya rage ya koma `mambobi = karanta(FAYIL)` babu tazara a gabansa, sannan ka sa wannan a samansa kafin ta aika ko da saƙo ɗaya:

```python
import os, sys
FAYIL = "/home/adashi/mambobi.csv"
if not os.path.isfile(FAYIL) or os.path.getsize(FAYIL) == 0:
    sanar_da_gwaggo("Ba a ga mambobi.csv ba. Ba a aika wa kowa ba.")
    sys.exit(1)
```

Adireshin ka gyara shi daidai da naku, `sanar_da_gwaggo` kuma ka gina ta a kan abin da ke tura tes ɗin yanzu. Amma ka kula da wani abu da ke kama mutane: lambar Gwaggo da taka kada a ɗauko su daga `mambobi.csv`. Ranar da ake buƙatar su ita ce ranar da fayil ɗin babu shi. Ka rubuta su a cikin manhajar kanta.

Wanzuwar fayil kaɗai ba ta isa ba. Fayil mai layin kan magana kawai, suna da lamba, babu kowa a ƙasa, zai wuce wancan binciken lafiya ƙalau. Don haka bayan ta karanta, ta ƙirga. Ku yanzu 42 ne da sababbin. In ta ƙirga ta ga ƙasa da 35, misali, ta tsaya ta sanar, domin adashi ba ya rasa mutum bakwai a wata guda ba tare da uwar adashi ta sani ba.

Sai ranar. Yanzu sau ɗaya take tashi a wata, in ta faɗi ranar 25 sai wani watan. Ka ba ta kwana huɗu:

```
0 9 25-28 * * /usr/bin/python3 /home/adashi/tunatarwa.py >> /home/adashi/tunatarwa.log 2>&1
```

Kada ka sa wannan layin sai ka koya mata tuna wa ta riga ta aika wa, in ba haka ba kowa zai sha tes huɗu, dattawa su fara kiran Gwaggo. Hanya mai sauƙi: duk lambar da saƙo ya fita gare ta, ta rubuta ta nan take a wani ƙaramin fayil mai sunan watan, gobe in ta tashi ta tsallake waɗanda ke ciki. Da haka in fayil ya ɓace ranar 25, Gwaggo ta ga gargaɗi da safe, ka mayar da shi da dare, ranar 26 saƙo ya tafi da kansa. Masu aikin gwamnati a nan 27 ga wata albashi ke shiga, kun ga ke nan tunin ya riga kuɗin zuwa hannu, kafin a ce an yi cefane da shi.

Ishaƙ (Gadarif): Malam Bashir, ban yarda da tsayawar nan ba. Mu a nan da aka ɗauke sadarwa a watan Fabrairun 2024, mun koyi cewa abin da ke jiran sai mutum ya zo ya gyara, to ya mutu ke nan. Namu sandukin, wato adashinmu, in jerin bai samu ba, manhajar tana ɗaukar kwafin watan jiya ta aika da shi. Mutum 40 su samu tuni ya fi a ce babu wanda ya samu. Ina ruwan mai kwasa da sunan fayil? Kuɗinta take jira.

Malam Bashir: Ɗan'uwa, a halinku na fahimta, wanda zai gyara ma wata rana ba ya gari. Amma dubi na su Usman. Dalilin da ya sa aka taɓa fayil ɗin shi ne jerin ya canza. Galibi haka ne: ranar da fayil ya ɓace, ranar ce tsohon kwafin ya daina zama daidai. Da an aika da na watan jiya, sababbin biyun ba za su ga komai ba, su ne kuma suka fi kowa buƙatar tuni. Mafi muni, kowa zai ga tes ya zo ya ɗauka lafiya, ana iya wata huɗu ana aiki da tsohon jeri babu wanda ya lura.

Maman Hanifa (Jidda): Ni dai tsohon jeri ina tsoronsa. A namu wata baiwar Allah ta rasu, Allah ya jiƙanta, aka cire sunanta a littafi amma ba a cire a na'ura ba. Wayar tana hannun mijinta. Wata na zagayowa sai ga tes da sunanta, wai ta tuna zubi. Kunyar da muka sha a gidan nan ba ta faɗuwa.

Ishaƙ: Amin. Amma wannan ai ko sabon fayil ne in ba a cire ta ba saƙon zai tafi. Ni ina nan a kan bakata, sai dai na yarda a riƙa gaya wa ma'aji cewa da tsohon aka yi aiki.

Malam Bashir: Kwafin kam a ajiye shi, duk watan da aka aika lafiya ta adana ɗaya da sunan watan. Wa zai ba da izinin amfani da shi, na'ura ko Gwaggo, nan muka rabu.

Usman: Na gode ƙwarai. Na buɗe `Mambobi.xlsx` na adana shi a matsayin CSV, amma da na leƙa ciki lambobin duk sun koma irin `9.66501E+11`. Na ɓata ne?

Malam Bashir: Kada ka ɗora wannan, kuma kada ka goge `Mambobi.xlsx`. Lambar Saudiyya da 966 a gaba alƙaluma 12 ce, Excel kuwa in lamba ta kai haka yana taƙaita ta a ido, kuma abin da ke a ido shi yake zubawa a CSV. A cikin xlsx ɗin, in tun asali an shiga da su daidai, cikakkun lambobin suna nan: danna ɗaya ka duba layin sama ka tabbatar. Sai ka zaɓi jerin lambobin gaba ɗaya, `Format Cells`, `Number`, `Decimal places` ka mayar 0, sannan ka sake adanawa da ƙananan haruffa, `mambobi.csv`, don Linux ba ya ɗaukar M da m abu ɗaya. Ka ƙara wa manhajar ta ƙi duk lambar da ke da wani abu ban da alƙaluma.

Ka kuma sa ta tura wa Gwaggo tes ko da an yi nasara, "An aika wa 42 cikin 42". In wuta ta ɗauke ko kwamfutar ta mutu, gargaɗin ma ba zai fito ba, rashin ganin wannan tes ɗin ne kawai zai nuna muku.

Abdulƙadir: Ka ga dai cikakken adireshin nawa ya shiga.

Hajiya Ladi: Usman, ita mai kwasar fa, an cika mata kuɗinta?

Usman: Saura na mutum uku Hajiya, riyal 900. Gwaggo ta ce za ta bi su da kanta bayan Magariba.