Neman shawara: labarina ya maƙale a kan waƙafi ɗaya

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina fama da gajeren labarin nan, har na yaga shi sau biyu. Wani attajiri a Katsina ya yi wa akawunsa shiftar wasiyya, ya ce: "A ba agolana gonata, da gidan Rafindadi a biya bashina." Akawun ya buga: "A ba agolana gonata da gidan Rafindadi, a biya bashina." Bayan rasuwarsa agola ya ce duka biyun nasa ne, 'ya'yan marigayi suka ce sam. Yayata ta karanta ta ce babu alƙalin da zai saurari wannan magana. Shin in watsar da labarin ne?

Baban Ummi: Yayarki ta yi gaskiya, domin babu wasiyya ga magaji.

Malam Na Ƙofar Sauri: Baban Ummi, hukuncin haka yake, amma agola ba ya gadon mijin uwarsa, saboda haka wasiyyar ta inganta. Malama, abin da ya kamata ki tsaya a kai shi ne sulusi. Bayan hidimar jana'iza ana fara fitar da bashi, ko takarda ta faɗa ko ba ta faɗa ba, sannan wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. A ce dukiyar miliyan 30 ce, bashi miliyan 6, saura 24, sulusi ya zama 8. Idan gona miliyan 5 ce, gida kuma 7, gonar kaɗai za ta wuce lafiya, amma in aka haɗa su sun kai 12, kuma rarar miliyan 4 ba za ta tafi ga agola ba sai magada sun yarda. To, nawa kika yi wa gidan kuɗi?

Mai tambaya: Malam, ban sa kuɗi ba, kuma ba na so lissafi ya shanye mini labari, domin zuciyar akawun nake bi.

Maman Sadiq: Mu da mahaifinmu ya rasu, wani ma'aikaci ya rubuta lambar filinmu ba daidai ba, shekara shida muna zarya, har yau ba ma gaisawa da baffanmu.

Malam Na Ƙofar Sauri: Allah ya daidaita ku, Hajiya. Malama, sai kuma shaidu. Alƙali zai kira waɗanda suka ji marigayi da kunnensu, ya tambaye su inda ya numfasa a cikin maganarsa. Ki sa shaidun biyu su saɓa, kowa da abin da ya ji.

Mai tambaya: Ai na riga na kashe shaidun a shafi na biyu, kuma ba zan taɓa shafin ba.

Baban Ummi: To akawun fa, ya san ya yi kuskuren ko bai sani ba?