Ƙara uku da jan wuta a PS3: RSX ce ta mutu ko kuwa?

Mai Tambaya: Jama'a, PS3 ɗina mai ƙiba ce. Ina kunnawa wuta ta yi kore, ta ɗan gifta rawaya, ta yi ƙara sau uku ta mutu, jan wuta na ta ƙiftawa. An ce mini RSX ce ta tafi, wato guntun da ke sarrafa hoto, wai ƙara uku ba ta da wata ma'ana sai wannan. Haka ne?

Ɗan Gem: Haka ne mana. Dalmar da ke ƙarƙashin RSX ce ta tsage saboda zafi. Tawa da handiraya na gasa ta, ta tashi.

Mai Gyara: Ta tashi na kwana nawa, malam?

Ɗan Gem: Kusan sati uku. Amma ai ta tashi.

Mai Gyara: To ka gani. Ƙara ukun nan ba sunan cuta ba ne, kukan na'ura ne cewa ta kashe kanta. Zafi ya yi yawa, haka za ta yi. Wuta ta gaza, haka za ta yi. Wanda ya san dalili shi ne Syscon, ɗan guntun da ke kula da kunnawa da kashewa, kuma yana ajiye lambar kowace matsala. Da ƙaramar adaftar USB ta UART ake karantawa, a jona waya uku a jikin allon. In aka ga A0403034, to Cell, wato babban guntun da ke tafiyar da na'urar, da RSX sun kasa gaisawa tun wajen tashi, nan maganarka ta yi ƙarfi. In A0801002 ce, wutar da ke zuwa RSX ce ba ta tsaya daidai ba, sai a fara zargin kafasitocin NEC/TOKIN. Ka lura da 80 ɗin nan: na'urar ta riga ta gama tashi kafin ta faɗi.

Uwar Biyu: Ni ta yarana PS4 ce, shuɗiyar wuta take ta yi ba hoto. Duk ɗaya ne?

Mai Gyara: A'a Hajiya, wannan daban ce. Ki fara canza wayar HDMI tukuna.

Tsohon Hannu: Ba kowa ke da adafta ba. Ni agogo nake dubawa. In ta mutu cikin daƙiƙa biyu, na fi zargin RSX. In sai an shiga wasa mai nauyi take ɗaukewa, kafasita ce.

Mai Gyara: Rabi na yarda. Mai ɗaukewa tsakiyar wasa tana iya zama zafi kawai, lambarsa A0801200, musamman in fanka ta yi ta gunji kafin nan. Na taɓa cire kafasitoci takwas na wata saboda irin wannan lissafin, ashe lafiyarsu ƙalau. Har yau abin na ci mini rai.

Mai Tambaya: Na ƙirga yanzu. Ba ta kai daƙiƙa uku, fanka ma ko juyin kirki ba ta yi.

Ɗan Gem: Ba na faɗa ba!

Mai Gyara: Wataƙila ka ci. Amma kar ya kusanto ta da handiraya sai an ga lamba.