Neman shawara kan yadi da shafin kwat saboda zafin Maradi

Assalamu alaikum, teloli da masana yadi. Ina neman taimakonku kan wata matsala da ta tsaya mini a rai, domin zan halarci ɗaurin aure a watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi yakan wuce digiri 40, kuma an ce abokan ango su sa kwat.

Bara na ba wani tela ɗinkin kwat da yadin da nauyinsa ya kai giram 300 a kowace mita, ya kuma yi mata shafin leda daga kafaɗa har ƙasa. Kafin azahar zufa ta jiƙe bayan rigata ta ciki, shafin ya manne mini a jiki, kuma bayan wanki biyu gaban kwat ɗin ya yi ƙuraje saboda gam ɗin da aka manna ciki ya saki.

Yanzu na samu yadi biyu a babbar kasuwa. Na farko lilin ne, iska na ratsa shi, amma da na damƙe shi a tafin hannu sai ya yamutse nan take. Na biyu ulu ne marar nauyi, kimanin giram 240, wanda idan aka ɗaga shi a rana ana ganin haske ta cikin saƙarsa, kuma hankalina ya fi kwanciya da shi.

Shin saƙa mai sarari ta fi rashin nauyi muhimmanci wajen sanyi? Kuma idan aka yi rabin shafi, a kafaɗa da hannuwa kawai, kwat ɗin za ta tsaya da kyau, ko bayanta zai riƙa lanƙwashewa? Allah ya saka da alheri.