Takardar atisayen lissafin magani: waɗanne tarkuna zan saka?

Malama Hauwa: Salamu alaikum jama'a. An ba ni 'yan aji uku su yi bitar lissafin adadin magani kafin su fita asibiti, ina so in haɗa masu takardar atisaye, tambaya 15 haka. Matsalata yaran nan sun iya ninkawa da rabawa tsaf, amma da zarar likita ya rubuta da mg kwalba kuma ta zo da maikirogiram sai komai ya dagule. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar ku ba ni tarkunan da kuka ga suna kama mutane a zahiri.

Baba Famasis: Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da digoksin. An rubuta 0.125 mg, abin da ke kan kanta kuma ruwan digoksin ne mai maikirogiram 50 a kowane mL, mL nawa za a ɗiba? Sai an fara mayar da 0.125 mg zuwa maikirogiram 125, sannan a raba da 50, a samu 2.5 mL. Amma abin da nake so ki yi shi ne a takardar amsa kar ki rubuta 2.5 kawai ki wuce. Ki rubuta amsoshin kuskuren da kike tsammani da abin da kowacce ke nunawa. Wanda ya kawo 0.0025 bai sauya ma'auni ba sam, ya raba 0.125 da 50 kai tsaye. Wanda ya kawo 0.25 ya san ana sauyawa amma da 100 ya ninka maimakon 1000. Ciwonsu ba ɗaya ba ne, kuma da kin ga lambar kin san inda yaro ya zame ba sai kin bi layi layi ba.

Malama Hauwa: Wannan na amsoshin kuskure ban taɓa tunaninsa ba wallahi. Kenan dole kowace tambaya tarko ɗaya tal, in ba haka ba ba zan gane wanne ya kama shi ba.

Baba Famasis: Haka ne, aƙalla goman farko. Na ƙarshe ki haɗa biyu ko uku.

Bala: Ni a ganina abin ba wuya fa, a koya masu matsar da ɗigo gida uku kawai, giram zuwa mg gida uku, mg zuwa maikirogiram gida uku. Sai ki saka masu na kaso cikin ɗari, kamar lidoken 1% da adirenalin 1:1000 tunda duk ƙarfinsu ɗaya ne su ga yadda ake rubuta abu ɗaya ta hanya biyu

Baba Famasis: Bala gida ukun nan gaskiyarka ne, amma na biyun a'a. 1% na nufin giram 1 a cikin 100 mL, wato 10 mg a kowane mL. Shi kuwa 1:1000 giram 1 ne a cikin 1000 mL, wato 1 mg a kowane mL, 0.1% kenan. Ninki goma ne tsakaninsu. Malama ki ɗauki wannan yadda ya faɗe shi ki mayar da shi tambaya, gaskiya ne ko ba gaskiya ba, a kawo hujja. Kusa da ita ki ajiye adirenalin 1:10,000, wanda shi maikirogiram 100 ne a mL.

Bala: Toh na karɓa Baba, nagode. Da 1:100 na rikita shi.

Ummi: Malama ni ɗaliba ce ajin ƙarshe, bari in faɗi wanda ya kayar da ni. Sirof ɗin farasitamol 120 mg/5 mL, yaro mai kilo 16, ana ba da 15 mg kowane kilo. Na samu 240 mg daidai, sai kawai na raba da 120 na rubuta 2 mL na manta da biyar ɗin nan da ke ƙasa kwata kwata, alhali amsar 10 mL ce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake don na san lissafin, idona ne bai karanta kwalbar ba. Shi yasa nake roƙo in zai yiwu ki saka hoton takardar jikin kwalba na gaske a maimakon ki rubuta ƙarfin a cikin jimla, don a asibiti babu mai karanto maka.

Habibu: Salam, tunda masana na nan, ɗana shekara 4 yana zazzaɓi tun jiya, cokali nawa zan ba shi na farasitamol ɗin?

Malama Hauwa: Malam Habibu Allah ya ba shi lafiya. Nan atisayen ɗalibai muke shiryawa, ba za mu yanke maka adadi ba mu ga kwalbar ba kuma ba mu san nauyinsa ba. Ka kai shi asibiti yau a auna shi a gwada maleriya, ka tafi da kwalbar.

Sista Rabi: Ni nas ce ba famasis ba amma ku bari in sa baki. Ki saka magnesiyom salfet, ɗakin haihuwa kullum da shi muke. Allurar 50% ce, wato 500 mg a mL, ana son giram 4 ta jijiya a ƙarfin 20%. Giram 4 ya zama 8 mL, sai a ƙara ruwan allura 12 mL ya cika 20 mL. Na taɓa tsayar da wata sabuwar ma'aikaciya a wani asibiti da na yi aiki, ta shirya za ta zuba 20 mL na ruwa a kan 8 ɗin, ta ɗauka ashirin ɗin ruwan da za a ƙara ne ba jimillar ba. Tambayar ta nemi duka biyun, nawa za a ɗiba, nawa za a ƙara.

Baba Famasis: Madalla Sista. Ga kuma ta ƙarshe mai tarko biyu. Dofamin 400 mg cikin 250 mL, majinyaci kilo 64, ana son maikirogiram 5 kowane kilo kowane minti, na'ura kuma mL a awa take karɓa.

```
400 mg / 250 mL = 1.6 mg/mL = 1600 microgram/mL
5 x 64 x 60 = 19200 microgram/h
19200 / 1600 = 12 mL/h
```

Wanda ya manta mintuna 60 zai kawo 0.2. Da gangan na ce kilo 64, kar ki sa 60, don in nauyi 60 minti ma 60 ba za ki san wanne ya bari ba. Kuma ki tilasta a rubuta ma'auni a kowane layi, amsa babu ma'auni sifili ce ko lambar ta yi daidai.

Bala: Nauyi da fam fa? littattafan waje cike suke da shi, a raba da 2.2

Sista Rabi: Sikelinmu duk kilo ne, ban taɓa ganin katin majinyaci da fam ba a nan. Ni da za a ba wa atesunet wannan gurbin, 2.4 mg kowane kilo amma yaro ƙasa da kilo 20 ana ba shi 3 mg kowane kilo, ga kwalbar 60 mg da in an haɗa don jijiya 10 mg ce a mL, don tsoka kuma 20. Wannan kullum sai sun haɗu da shi.

Malama Hauwa: Atesunet ya shiga, fam zan sa guda ɗaya ko in bar shi, zan duba. Abin da ya rage min kalkuleta. Ni na fi son a hana a goman farko don su saba ƙiyasta amsa da ka, mutum ya ji a jikinsa cewa 0.0025 mL ba abin da sirinji zai iya ɗiba ba ne.

Ummi: Malama don Allah a bar mana ita, ba ita ke kayar da mu ba, ni ranar da na rubuta 2 mL tana hannuna.

Baba Famasis: Ni ina bayan Malama a nan, amma ki raba ajin biyu a makon farko ki ga waɗanne amsoshin kuskure suka fi fitowa a kowane ɓangare. In kin gama daftarin ki turo min in warware da kaina kafin ki buga.