Dangin saurayi za su zo, abin hannu ba yawa: me kuka dafa?

Ummi: Assalamu alaikum. Ranar Asabar iyayen wanda ke neman ƙanwata za su zo gidanmu karon farko, an ce su shida ne. Girkin a wuyana yake, aljihu kuma sai a hankali. Waɗanda suka taɓa karɓar irin waɗannan baƙi, me kuka dafa?

Maman Hanif: Ni kala huɗu na yi don kar a raina mu, na kuwa yi da-na-sani. Naman da zai ƙawata tukunya ɗaya na raba wa miya biyu, sai ga ƙanwar uban yaron tana ta juya cokali tana farautar tsoka. Kula biyu ko buɗe su ba a yi ba.

Hajiya Binta: 'Yata, 'ya'ya uku na aurar, kala ɗaya nake yi amma ya amsa sunansa. In an ce shida, ki dafa na tara, don ba a rasa ɗan rakiya da direba. Shinkafa kilo ɗaya ta isa, ki ƙara rabi don hankalinki ya kwanta. Kaji biyu, kowacce a yanka ta goma, kowa ya samu biyu. Ki tafasa su da albasa da citta, ki soya, romon kuma ki zuba a miya. Kazar kada ki nutsa ta cikin miya, ki jera ta a faranti daban da yankakken albasa, ido ya fara ƙoshi. Yaji ma a gefe, ba ki san mai gyambon ciki ba. Miyar ki yi ta tun daren Juma'a, in kin ga mai ya taso sama tsamin tumatir ya tafi.

Abban Sadik: Ni da na je gidan surukaina turare da 'ya'yan itace na kai, kuma sun yaba.

Ummi: Abban Sadik, mu ne masu masaukin ai.

Anti Ladi: Ki sa kifi kawai, ya fi sauƙi, mu shi muka yi.

Hajiya Binta: Sauƙin ya danganta da inda mutum yake, Ladi. Kuma baƙon da ke jin nauyi ba ya son zaman tsince ƙaya a gaban mutane.

Maman Hanif: Na manta, ki sa ƙanwar taki ta tambayi yaron ko akwai mai ciwon suga. A namu, uban yaron yana da shi, lemon kwalba muka jera masa, ruwa kawai bawan Allah ya sha. Da na yanka kokwamba da kabeji na ajiye shayi ba suga, da ya samu na taɓawa.

Anti Ladi: Duk da haka ni kala ɗaya bai kwanta min ba, ko soyayyen dankali a ƙara.

Ummi: Na gode, Hajiya. Dankalin zan gani in kuɗin mai ya ragu. Yanzu saurayin ya kira, wai sun zama takwas.