Ping na tashi da daddare kawai: daga gida ne ko daga kamfanin intanet?

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Da rana ping ɗina a wasa 45 ms ne, amma daga ƙarfe 8 zuwa 11 na dare sai ya riƙa tsalle har 250. In sake rauta ne, ko in bar kamfanin?

Bashir: Ƙara gudun layinka kawai, ka huta.

Malam Auwal: Wa alaikumus salam. Nura, kada ka kashe kuɗi tukuna, wasa ba ya cin data mai yawa, jinkiri ne ke ɓata shi. Da dare ya yi, haɗa kwamfutar da rauta ta kebul, ka buɗe tagogin Command Prompt biyu:

```
ping -t 192.168.1.1
ping -t 1.1.1.1
```

Na farkon adireshin rauta ne, `ipconfig` zai nuna maka naka a layin Default Gateway. Na biyun kuma wata saba ce a intanet. Idan a Wi-Fi yana tsalle amma a kebul ya tsaya, to iskar ce ta cunkushe, don lokacin maƙwabta ma duk suna kai.

Nura: Na gwada jiya, Malam. A kebul rauta 1 ms, bai motsa ba. Na biyun kuwa daga 20 har 200.

Bashir: Shi ke nan, laifin kamfani ne.

Malam Auwal: Da saura, Bashir. Rauta kan amsa da wuri alhali ƙofar fitarsa a cike take. Waya ɗaya mai loda hotuna ta isa ta sa saƙon wasa ya tsaya bin layi. Kashe Wi-Fi gaba ɗaya, a bar kwamfutar ita kaɗai, ka sake aunawa. In ya lafa, kunna SQM, wato tsarin da ke hana layin fita cunkushewa, idan rautarka na da shi, ka ƙayyade shi wajen kashi 90 cikin 100 na gudun da ka auna.

Zainab: Ni WinMTR, manhajar da ke auna hanya mataki-mataki, na nuna min asarar 40% a mataki na 5, amma wasana lafiya lau. Ina ganin nawa ya fi na Nura lalacewa.

Malam Auwal: Malama Zainab, in matakan da ke bayansa 0% ne, ba komai. Wasu rautocin kan hanya ba sa amsa kowane gwaji. Abin dubawa shi ne jinkirin da ya fara a wani mataki ya ɗore har ƙarshe.

Nura: Na kashe komai, tsallen ya ragu zuwa 130 amma bai tafi ba. A WinMTR matakai huɗu na farko ƙasa da 20, daga na 5 zuwa ƙarshe sama da 120. Da safe na biyar ɗin 25 ne.

Malam Auwal: Ashe biyu ne suka haɗu maka. SQM zai kashe na gida. Ɗayan ya yi kama da cunkoso a mahaɗar kamfaninka da wani. Ɗauki sakamakon safe da na dare, kwana uku, zuwa adireshin sabar wasan, ka tura musu.

Zainab: VPN fa? Wani ɗan uwana ya ce ta gyara masa.

Malam Auwal: Takan kauce wa mahaɗar, takan kuma ƙara nisa. Nura ya gwada da ƙarfe 9 ya kawo mana lambobin.