Tikitin Umra ya tashi tsakanin hantsi da la'asar

Maman Nana, Birni: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne za mu Umra a azumi, ta Kano za mu tashi. Da hantsi na ga tikitin Jidda jaka 480 na sefa, da la'asar ya koma 545, jirgi ɗaya, rana ɗaya. In saya ko in jira?

Ɗan Zango: Hajiya, sun gane kina yawan dubawa ne. Ki goge tarihin wayarki, zai sauko.

Alhaji mai shirya tafiye-tafiye: Wa alaikumus salam. Goge tarihi ba laifi, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Kujerun talakawa iri ɗaya ne a ido, sai dai kamfani ya kasa su kashi-kashi, kowane kashi da harafinsa da kuɗinsa. Y ya fi tsada, irin su Q da V galibi suna ƙasa. Kashin araha na ƙarewa, na'ura ta buɗe na sama. Goman ƙarshe kuwa, tun farko ba sa sakin na araha da yawa, sun san dole a saya.

Hajiya, gwada wannan yanzu: nemi mutum ɗaya maimakon huɗu. In kujeru biyu suka rage a 480 kika nemi huɗu, na'ura ba ta rabawa, duka za ta ɗora ku a 545, jaka 2,180 ke nan. In kika sayi biyu a 480, biyu a 545, kin biya 2,050, jaka 130 sun dawo aljihu. Illarsa, lambar rajistar tafiyarku, wato PNR, za ta zama biyu, in aka sauya jirgi ana iya raba ku. Tsohuwa ko yaro kada a bar su su kaɗai a lamba guda.

Inna Hadiza: Ni ma haka aka yi mini da ragon Layya a kasuwa, na ce sai gobe, gobe ta zo da ƙarin jaka goma.

Malam Sani, Sabon Gari: Alhaji, ka bar maganar canji. In da naira aka yi kuɗin, aka juya mata zuwa sefa, ko kamfani bai taɓa komai ba lissafi zai motsa. Ta tambayi da wane kuɗi aka sa farashin.

Alhaji: Gaskiya ne, amma jaka 65 a yini ɗaya ya yi wa canji yawa. Kuma ki sani, in aka ce an riƙe miki kujera, kujera aka riƙe. Farashi ba ya tabbata sai an fitar da tikiti. Ki duba kilo nawa na kaya aka ba ki da kuɗin sauya rana, don mai arahar ya fi tsanani a nan.

Maman Nana: Na gwada, mutum ɗaya ma 545 ne. Amma in muka tashi kwana biyu kafin nan, 495.

Ɗan Zango: Ki jira Talata, an ce yana sauka.

Malam Sani: A azumi? Ni ban yarda ba. Hajiya, fara lissafa kuɗin masaukin kwana biyun nan a Makka, ki ga ko jaka 200 da za ku rage ku huɗu za su rufe shi.